Takardar Uzuri Daga Likita: Ɗage wa Ɗalibi Wasanni da Motsa Jiki

Sashen Ƙashi,
Asibitin Koyarwa na Tarayya, Gombe.
Litinin, 13 ga Oktoba, 2025.

Zuwa ga Shugaban Makaranta,
da Malamin Wasanni.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, na rubuto ne a kan ɗalibinku Usman, ɗan shekara 13, na aji biyu a ƙaramar sakandare, da yardar mahaifinsa. Ranar Juma'a 10 ga wata ya faɗi a wajen ƙwallo, ya dafa ƙasa da hannun hagu, ya samu karaya dab da wuyan hannu. Mun ɗauki hoto, mun gyara zaman ƙashin, mun sa filasta. Karayar tana kusa da inda ƙashin yaro ke ƙara tsawo, kuma idan ta goce hannun na iya warkewa a karkace.

Daga yau har zuwa ranar da zan sake duba shi, kada ya buga ƙwallo, ko da tsaron gida ne. Ban da gudu, tsalle, langa, kokawa da hawa keke. Ina roƙo a haɗa da abin da ba a lissafa shi cikin wasanni amma yakan fi wasan lahani: tsallen kwaɗo, ɗaga hannu sama don horo, bulala a hannu, ɗebo ruwa a bokiti, ɗaukar benci ko yankan ciyawa.

Zai iya zuwa aji kullum, kuma da hannun dama yake rubutu. Lokacin wasanni ya yi tafiya a hankali a gefen fili, ko a ba shi rubuta maki. Zai ce muku ya warke, don ciwon yakan lafa tun ƙashi bai haɗe ba. Kada a biye masa.

Filastar kada ta jiƙe, a kula wajen alwala. Idan tana masa ƙaiƙayi, kada ya cusa biro ko tsinke a ciki. In yatsunsa suka kumbura, suka yi sanyi ko suka sauya launi, ko ya ce ba ya jin su, ko zafi ya ƙaru, a kira iyayensa a kawo shi sashen gaggawa nan take, ba sai an tashi ba.

Ranar Litinin 20 ga Oktoba zai zo a sake hoto, a ba shi izinin safiyar. Ranar Litinin 24 ga Nuwamba, 2025 zan duba shi, in ƙashi ya haɗe mu cire filasta. Cire ta ba izinin komawa fili ba ne, hannun zai fito ba ƙarfi. A jira sabuwar takarda daga gare ni.

Na gode. Allah ya ba shi lafiya.

Naku,
Likitan ƙashi mai kula da shi.