Abubuwa uku da za ku yi a shagonmu na POS, nan Daura

Hoto na 1
Jama'ar Daura, barkanmu da warhaka. Ba sai kun kama layin banki tun da hantsi ba. Ku ja hoton nan zuwa hagu, ku ga ayyuka uku da muke yi a shagonmu da ke bakin tashar mota.

Hoto na 2: Cire kuɗi
Ku zo da katinku, na kowane banki ne. Cajinmu ₦100 a kan ₦5,000, ₦200 a kan ₦10,000. Abin da ya haura haka, akwai takardar farashi manne a jikin kanta, ku duba kafin a sa kati. Lambar sirri ku za ku danna da hannunku, yaronmu zai kau da kai. Ko Baba ne ya ce idonsa ba ya gani sosai, gara ya zo da ɗansa da ya faɗa mana ita.

Hoto na 3: In sabis ya yi gardama
Wannan kam yana faruwa, ba za mu ɓoye ba. Risit ya nuna APPROVED, mu ƙirga muku kuɗinku nan take. In ya nuna DECLINED amma kun ga an zare kuɗi a asusunku, kuɗin bai shigo mana ba. Sau da yawa yakan dawo da kansa. In ya daɗe, wannan risit ɗin za ku kai bankinku, don haka kada a yar da shi a ƙofar shago.

Hoto na 4: Tura kuɗi
Alhaji, in ka sayar da sa a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ba dole ka kwana da daurin kuɗi a aljihun babbar riga ba. Kawo mu zuba maka a asusunka. Hajiya, kuɗin makarantar yarinya a Katsina ko na kaya a Kantin Kwari ma haka. Lambar asusu guda 10 ce. Muna shigar da ita sunan mai asusun zai fito, mu karanta miki da ƙarfi. Sai kin ce "shi ne" sannan mu tura, domin kuɗin da ya faɗa asusun wani, dawo da shi aiki ne ja.

Hoto na 5: Wuta, kati da data
Mitar KEDCO ta fara kuka? Kawo lambar mita, mu ba ka lambobi 20 da za ka danna. Akwai katin waya da data na MTN, Airtel da Glo.

Hoto na 6
Muna buɗewa ƙarfe 7:30 na safe zuwa 9:00 na dare, har Lahadi. Ranar Juma'a mukan rufe a je masallaci, mu dawo ƙarfe 3:00. Mai son cire sama da ₦200,000 ya leƙo da safe ya sanar da mu, mu tanada masa.