Jadawalin Rubutuna na Mako-mako a Kan Noma da Kasuwannin Filato: Janairu Zuwa Maris 2026

Ranar fitar da rubutu ita ce Asabar, da ƙarfe bakwai na safe, kuma ba za ta sauya ba har ƙarshen wannan zango. Daga 3 ga Janairu zuwa 28 ga Maris akwai Asabar goma sha uku, amma batutuwan da na tara a littafina sun kai talatin da ɗaya, saboda haka babban aikin da na yi a wannan jadawali shi ne zubar da abin da ba shi da gurbi. Na cike Asabar goma, na ware biyu domin abin da zai taso a kasuwa ba zato, ɗaya kuma ta Sallah ce.

Da yake ina koyarwa daga Litinin zuwa Juma'a, zuwa gona ko kasuwa sai ranar Asabar bayan rubutun makon ya fita. Ranar Lahadi zan saurari hirarrakin da na naɗa in fitar da abin da zan yi amfani da shi, in rubuta daftarin farko daren Talata, in bar shi ya kwana biyu, sannan in gyara daren Alhamis. Duk wani farashi da zan ambata sai na sake kiran mai kaya ranar Juma'a na tabbatar, domin bara na sa kuɗin kwandon tumatir na mako guda da ya wuce, masu karatu kuma ba su raga mini ba.

Janairu watan noman rani ne, kuma sanyin Jos yana kan ganiyarsa. Ranar 3 zan buɗe da masu ban ruwa daga tsofaffin kududdufan haƙar kuza a yankin Bukuru da Barikin Ladi, ranar 10 kuma in bi kabeji da karas daga gona zuwa kasuwar Farin Gada, in nuna hannu nawa suke ratsawa kafin su hau motar Kudu. Ranar 17 ta tumatir ce da asarar da ake yi a hanya. Ranar 24 a buɗe take. Ranar 31 zan rubuta a kan kiwon kaji da rigakafi, wanda zai buƙaci zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924. Wasiƙar neman ganawa dole ta isa can kafin 9 ga wata, in ba haka ba batun ya koma zango na gaba.

Fabrairu ne ya fi ba ni wahalar tsarawa, domin ana sa ran fara azumi wajen 18 ko 19 ga wata, gwargwadon ganin wata. Abin da mai karatu yake so kafin azumi shi ne ya san inda zai sayi kayan masarufi da sauƙi, kuma idan rubutun ya zo bayan ya gama sayayya, ya zama ihu bayan hari. Don haka farashin gero, wake da sukari a kasuwar Katako zai fita ranar 7, acca da gwatenta da kununta ranar 14. Ranar 21 zan kawo hira da mata masu soya ƙosai da dankali lokacin buɗa-baki, ranar 28 kuma ita ce gurbi na biyu da na bari a buɗe. A cikin azumi zan riƙa yin rubutun bayan sahur, tsawonsa kuma ba zai wuce kalma ɗari shida ba, don na san ƙarfina.

Maris na shirin damina ne. Ranar 7 batun irin dankalin turawa ne, tare da ziyarar sashen binciken dankali da ke Kuru. Ranar 14 kuma manoman Bokkos da Mangu za su yi bayanin taki da cutar da ke ƙone ganyen dankali idan ruwa ya yi yawa. Ranar 21 za ta faɗo a kan ƙaramar Sallah ko kashegarinta, kuma ranar ba zan taɓa alƙalami ba. Ranar 28 zan amsa tambayoyin masu karatu da suka taru.

Wannan ya sa nake bukatar rubutu biyu na ajiya, waɗanda ba sa tsufa: ɗaya a kan ajiyar hatsi a rumbu, ɗaya a kan bambancin mudu da tiya tsakanin kasuwanni. Za a kammala su kafin 31 ga Disamba, lokacin hutun makaranta. Na farko zai fita ranar 21 ga Maris, na biyu kuma yana jiran ranar rashin lafiya ko rashin wuta, kuma duk lokacin da na taɓa shi sai na mayar da gurbinsa cikin mako uku.