Tambayoyin Bita da Amsoshinsu: Gane Alamomin da ke Jikin Hoton Eksire

Na ɗaliban aji biyu, sashen ɗaukar hoton asibiti. Maki 30, minti 40. A rufe amsa, a fara gwadawa tukuna.

Tambaya ta 1 (maki 4). Me PA da AP suke nufi a hoton ƙirji?

Amsa: Haruffan suna faɗin hanyar da hasken ya bi ne. A PA haske ya shiga ta baya ya fita ta ƙirji, majinyaci na tsaye ƙirjinsa manne da kaset, tazarar bututu santimita 180. A AP ya shiga ta gaba ya fita ta baya. Wanda ya rubuta cewa PA tsayuwa ce ya rasa maki biyu, domin tsayuwa da kwanciya suna da nasu alamomin: ERECT da SUPINE.

Tambaya ta 2 (maki 8). An kawo hoton ƙirjin wani dattijo daga ɗakin kwanciya, babu PA ko AP a jikinsa, zuciya kuma ta fito da girma. Yaya za ka gane yadda aka ɗauka?

Amsa: Fara da allon kafaɗa. A PA ana sa majinyaci ya ɗora bayan hannuwansa a ƙugu ya turo kafaɗu gaba, sai allunan biyu su fice daga kan huhu. Idan ka ga gefensu ya shigo cikin huhu, zargi AP. Daga nan duba ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki a ɓangaren hagu: iskar tumbi mai miƙaƙƙen layin ruwa a ƙasanta tana nuna mutum na tsaye ko zaune. Batun zuciya kuwa, a gaba take cikin ƙirji, don haka a AP ta yi nisa da kaset, inuwarta ta ƙaru, balle idan injin turawa aka yi amfani da shi aka rage tazara. Ƙa'idar nan ta cewa faɗin zuciya kada ya wuce rabin faɗin ƙirji a PA kaɗai take aiki. Duk wanda ya ce dattijon na da kumburin zuciya daga wannan hoto ya yi gaggawa.

Tambaya ta 3 (maki 3). An ɗauki gwiwar hagu, aka ajiye alama a gefenta na ciki. Wane harafi za a sa?

Amsa: L. A hannu da ƙafa harafi yana bin gaɓar da aka ɗauka, ko ta wane gefe aka ajiye shi.

Tambaya ta 4 (maki 4). Hoton ƙirji na gefe ɗauke da L. Bayyana.

Amsa: Ɓangaren hagu ne ya jingina da kaset. Shi aka fi ɗauka saboda zuciya ta matso kusa, girmanta bai ƙaru sosai ba.

Tambaya ta 5 (maki 7). A hoton wani yaro zuciya da iskar tumbi duk suna gefen da aka rubuta R. An buga harafin ne a kwamfuta bayan an gama ɗauka. Me za ka yi?

Amsa: Abu biyu ne ke iya faruwa. Ko dai yaron yana cikin waɗanda aka haifa da kayan ciki a juye, ko kuma an zaɓi PA a na'ura alhali AP aka ɗauka, hoton ya juya, aka buga harafi bisa zato. Hoton kansa ba zai raba wannan gardama ba. Da alamar dalma aka manna kafin ɗauka, da ta juya tare da hoton ta tona kuskuren. Don haka kada ka juya hoton don zuciya ta koma hagu. Tuntuɓi wanda ya ɗauka, duba tsofaffin hotunan yaron, likita ya saurari bugun zuciya, in ta kama a sake ɗauka da alamar dalma. Dalili ke nan da ba a yarda harafin kwamfuta ya maye gurbinta: kuskuren dama da hagu shi ke kai wa ga sa bututu ko yin tiyata a ɓangaren da ke lafiya.

Tambaya ta 6 (maki 4). Kawo kurakurai biyu wajen ajiye alamar dalma, sannan ka faɗi inda ake sa ta a hoton nono.

Amsa: Ajiye ta wajen iyakar haske, ba za ta fito ba, ko ta fito rabi, da ɗora ta a kan abin da ake son gani, kamar saman huhu inda tarin fuka ya fi ɓuya. A hoton nono, ko CC ne ko MLO, ana sa ta ta wajen hammata, ta haka mai karantawa zai san gefen waje a CC da kuma sama a MLO.