Alhamdu lillahi, Uwata ta zama likita

Assalamu alaikum ’yan uwa da abokan arziki na Mai Wurno, da Sinnar, da Madani, da Gadarif, da kuma waɗanda suke Makka da Jidda da can ƙasar Hausa.

Da yardar Allah ’yata ta fari ta kammala karatun likita a Tsangayar Koyon Aikin Likita ta Jami’ar Jazira da ke Wad Madani a Sudan, sakamakon jarrabawar ƙarshe ya fito, kuma sunanta yana cikin waɗanda suka ci. Na san cewa a al’adarmu uba ba ya tsayawa a bainar jama’a yana yabon ɗan fari, ko sunansa ma ba ya kamawa, to amma ita wannan sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake kiranta Uwata, kuma babu wanda zai ga laifin mutum don ya yabi uwarsa. Dattawa su yi mini uzuri na yau kaɗai.

Ta shiga jami’a a 2018, a karatun da aka tsara shi shekara biyar. Ba ta yi nisa ba aka rufe jami’o’i saboda zanga-zangar da ta fara a watan Disamba na shekarar nan. Da aka koma, annobar korona ta sake mayar da su gida a 2020. Da muka fara lissafin cewa saura ƙiris, sai yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilu 2023, ya iso Madani a watan Disamba, ta baro garin da jaka ɗaya a hannu, ta bar littattafanta da farar rigarta a ɗakin kwanan ɗalibai. A tsakiyar 2024 faɗan ya matso ƙasar Sinnar, mu ma muka kwashe iyali zuwa Gadarif, inda wani ɗan uwa ya ba mu ɗakuna biyu a gidansa. A wannan gida, cikin hayaniyar yara da ɗauke wuta, ta ci gaba da bin darussa ta waya, tana tashi da talatainin dare lokacin da layi yake yin kyau ta sauke karatu, da safe kuma ta tafi asibiti aikin sa kai tare da sauran ɗaliban da yaƙi ya koro. Wata rana na gan ta zaune a tabarma ta sa ƙanenta ya miƙa hannu, tana lalubar jijiya da yatsa biyu tana ƙirga bugun zuciyarsa da agogon wayarta, shi kuwa sai dariya yake yi yana cewa a biya shi kuɗin haya. Duk yaran gidan sai da aka auna musu ciki da ƙirji, har waɗanda lafiyarsu ƙalau. Lalle kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ina so in faɗi dalilin da ya sa wannan takarda ta fi mini nauyi a kan murnar gida ɗaya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta rasu ne wajen haihuwar autanmu, bayan ta kwana tana zubar da jini ba ta faɗa wa kowa ba sai ungozoma, domin ba ta iya Larabcin da za ta yi bayani da shi ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki gaban namiji ba. Kwana ya ƙare, wannan ba mu ja da shi, amma duk wanda ya tashi cikinmu ya san cewa irin wannan shiru har yanzu yana cin iyayenmu mata. Tsohuwa za ta je asibiti da jikanta ɗan shekara goma a matsayin tafinta, likita ya tambaye ta abin da ba za ta taɓa faɗa a kunnen jika ba, sai ta ce ciwon kai ne, a ba ta ƙwaya ta koma gida da cutarta.

Uwata ta ba ni labarin wata mata da aka kawo daga ɗaya daga cikin kambon ma’aikatan gona na Jazira, lokacin suna zagayen ɗakin masu juna biyu. Ƙafafunta sun kumbura, ana tambayarta da Larabci tana sunkuyar da kai. Uwata ta durƙusa kusa da gadon ta ce mata, “Sannu Inna, ina yake miki ciwo?” Matar ta ɗago ta kama hannunta ta ce, “Ashe ke tamu ce,” sannan ta faɗi cewa kwana da kwanaki kanta yana sarawa, idanunta suna ganin walƙiya, kuma tana jin zafi a saman cikinta. Waɗannan su ne alamun da suke zuwa kafin jijjigar masu ciki, wadda hawan jini yake haddasawa, wadda kuma mutanenmu da yawa suke ɗauka aikin iska ne su tafi neman turare. Aka auna jininta aka same shi ya hau sosai, aka duba fitsarinta, aka fara ba ta magani a daren nan, ta sauka lafiya da ’yarta. Manyan likitocin da suke wurin ne suka yi aikin, ita ɗaliba ce a lokacin, abin da ta kawo shi ne harshen da ta tsotsa a nono. Tun daga ranar ta ce mini fannin mata da haihuwa za ta bi idan Allah ya ja kwana.

Ina gode wa malaman wannan tsangaya saboda irin tarbiyyar da suke yi wa ɗalibansu. An kafa Jami’ar Jazira a 1975, kuma tun farko tsangayar likitancinta ta zaɓi ta riƙa fitar da ɗalibai zuwa ƙauyuka maimakon ta tsare su a aji da babban asibiti kaɗai. Saboda haka Uwata ta shiga gida gida tana tambayar inda ake ɗebo ruwa da inda ake zagayawa, ta ga da idonta yadda yaran da suke wanka a magudanan ban ruwa suke kamuwa da tsargiya, wadda ƙwayarta take girma a jikin dodon koɗi sannan ta huda fatar mutum, ta ga yadda zazzaɓin cizon sauro yake kwantar da gari bayan damina. Ni da na yi shekaru ina koyarwa a firamare, na sha ganin yaro yana fitsarin jini iyayensa suna cewa alamar balaga ce. Yanzu a gidanmu akwai wadda za ta zaunar da su ta yi musu bayani da Hausa, ta gaya musu cewa cuta ce kuma tana da magani.

Ga waɗanda suka ba ni shawara tun tana sakandare cewa in aurar da ita, domin karatun mace ƙarshensa madafa, ban riƙe kowa a zuciya ba, na san kowa ya faɗi abin da yake gani alheri ne. Sai dai ina tuna mana cewa kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903 sun fito ne daga ƙasar da Nana Asma’u ’yar Shehu Usmanu ta karantar da mata ta hanyar ’Yan Taru, saboda haka ilmin ’ya mace ba baƙon abu ba ne a gidanmu. A nan Sudan ma, Babikir Badri ya buɗe makarantar ’yan mata a Rufa’a tun 1907, kuma a 1952 Khalida Zahir ta fita likita daga makarantar likitanci ta Kitchener a Khartum. Hanya a buɗe take tun da daɗewa, mu ne muka yi jinkirin sa ’ya’yanmu a kanta. Duk wanda yake son likita mace ta duba matarsa, to ya san cewa wani uba ne ya haƙura ya bar ’yarsa ta yi karatun.

Godiya ta musamman ga mahaifiyarta, wadda ta shiga adashe ta fita, ta soya ƙuli-ƙuli ta tatsi man gyaɗa, ta kuma sayar da awarwaronta na aure a shekarar da albashina ya kasa, ba tare da ta bari yarinyar ta sani ba. Ina gode wa kawunta mai agashe a Madani, wanda ya riƙe ta a gidansa kafin ta sami ɗaki, da baffanta na Makka wanda riyal ɗinsa ya sayi na’urar sauraren ƙirji da wayar da ta ƙarasa karatun da ita. Ina gode wa malamin allonta da malaman da suka shirya ta har ta sami makin shiga likitanci a jarrabawar shahada ta kammala sakandare. Allah ya saka wa kowa da alheri. Muna kuma addu’a ga abokan karatunta da malamanta da ba su ga wannan rana ba, Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri.

Uwata, barka da arziki, alf mabruk. Kin faranta mini rai, Allah ya faranta miki duniya da lahira. Yanzu ga shekarar imtiyaz a gabanki, wato shekarar horon aiki ta sabon likita, za ki zagaya ɓangaren tiyata da na yara da na mata da na cututtukan ciki ƙarƙashin manya, za ki kwana a tsaye, wani lokaci babu wuta babu isasshen magani. Ki girmama ma’aikatan jinya da ungozomomi, domin sun riga ki ganin abin da kika karanta a littafi. Idan abu ya shige miki duhu ki tambayi na gaba da ke, ran mutum ba wurin gwaji ba ne. Ki rufa asirin mara lafiya ko da ’yar uwarki ce ta tambaye ki, har ni ma kada ki gaya mini. Na san abokanki da yawa za su nemi aiki a Saudiyya da sauran ƙasashen Larabawa, kuma ban ga laifinsu ba ganin halin da ake ciki, ke ma ba zan ɗaure miki ƙafa ba. Roƙona shi ne, duk inda kika je neman ƙwarewa, ki ware wa matan Mai Wurno da na kambo wasu shekaru daga cikin aikinki.

Ga ’yan uwa da suka riga suka fara turo hoton takardar magani da na gwajin jini ta waya, ina ba ku haƙuri, sai ta gama imtiyaz ta sami cikakkiyar rajista a Majalisar Likitoci ta Sudan kafin ta yi aiki da gashin kanta, kuma ko a lokacin ba a duba mara lafiya ta hoto. Wanda ba shi da lafiya ya daure ya je asibiti.

Za mu yi saukar Alƙur’ani da ’yar walima ranar Juma’a mai zuwa bayan sallar la’asar a gidanmu na Mai Wurno, maza a ƙofar gida, mata a ciki. Ba mu buƙatar kowa ya ɗauko kaya, kawunta ya riga ya ce agashe a wuyansa yake. Wanda nisa ya hana shi zuwa, ya sa mana ita a addu’a daga inda yake.