Gyara sandar ƙasa da launin kwamfutarki

Ƙanwata, ga bayanin da kika nema kan kwamfutar da kika saya don aikin makaranta. Windows 11 ce a kanta, saboda haka ki danna Win + I, ki shiga Personalization. Komai a nan yake.

Fara da sandar nan ta ƙasan allo, wadda aka rubuta Taskbar. Abin da kika saba yi a kwamfutar shagon Baba, wato jan sandar zuwa gefe ko sama, aikin Windows 10 ne, mai zaɓin Taskbar location on screen. Da Windows 11 ta fito a 2021 an cire shi. A taki, za ki iya matsar da gumakan: Taskbar behaviors, sai Taskbar alignment, ki zaɓi Left. Ni na fi son hagu, domin maɓallin Start ba ya gusawa duk yawan manhajojin da kika buɗe, hannu ya san inda yake. A shafin dai, ki kashe Widgets da Task view, ki mayar da Search zuwa Search icon only. Akwai kuma Automatically hide the taskbar, amma ki bar shi, don za ki riƙa neman agogo da alamar batir.

Sai ki koma Colors. Transparency effects shi ke sa launin hoton bango ya ɗan ratso sandar. Kada ki sa ran ta zama garau kamar gilashi, dishi-dishi kawai take yi. Idan kin ga ya ɗauke da kansa lokacin da babu wuta, tsarin tattalin batir ne ya kashe shi, ba lalacewa ba ce.

Launi ne ke ba mutane wahala. Za ki zaɓi kala a Accent color, ki sauko ki kunna Show accent color on Start and taskbar, sai ki tarar ya dushe, ba ya dannuwa. Dalili kuwa, ba ya aiki muddin Windows tana kan Light. Ki je Choose your mode, ki zaɓi Custom, ki sa Choose your default Windows mode a Dark, ki bar na manhajoji a Light idan farin shafi kike so. Nan take zai buɗe. Kalar kuma ki sa ta a Manual, ki ɗauki mai duhu, shuɗi ko toka-toka. Automatic daga hoton bango yake tsinto launi, kuma da hoton bikin nan da kika ɗora, ruwan hoda zai ba ki, abin ba kyan gani.

Idan duk zaɓuɓɓukan sun ƙi taɓuwa, ki duba System, sai Activation. Windows da ba a kunna lasisinta ba tana kulle Personalization, sai ki koma wa wanda ya sayar miki.