Wasiƙar Neman Kayan Ɗakin Gwaje-gwaje

Aji Biyu na Babbar Sakandare,
Ɓangaren Kimiyya,
Birnin Kano.
14 ga Oktoba, 2024.

Zuwa ga Shugabar Makaranta,
Ta hannun Malamin Kemistiri.

Hajiya, ranki ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya ƙoƙari da mu? Allah Ya ƙara miki lafiya da haƙuri.

Ni ce ɗalibarki Maryam Sani, monitar ajinmu. Na rubuto ne a madadin mu sittin da huɗu, bayan mun zauna mun yi shawara, muka kuma nemi izinin malamanmu, domin mu roƙi a taimaka mana da kayan aiki a ɗakin gwaje-gwaje. Ranar Alhamis da ta wuce ni da 'yan ajinmu biyu muka buɗe kabad-kabad ɗin ɗakin a gaban malam, muka ƙirga komai ɗaya bayan ɗaya, don kada mu zo miki da zancen ka-ce-na-ce.

Inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne kemistiri. Biret, wato dogon bututun gilashi mai lambobi da ake ɗiga ruwa da shi, uku kacal muke da su, ɗaya kuma famfonsa na ɗiga, ko an rufe shi ruwan ba ya tsayawa. Fifet, bututun da ake zuƙo ruwa daidai awo da shi, biyu ne, ɗaya bakinsa ya guntule. Ranar da aka koya mana taitireshin, wato gwajin gano ƙarfin sinadari ta hanyar ɗiga masa asid, malam ne ya tsaya a gaba ya yi, mu kuma muka yi cincirindo a kansa. Ni da yake ina kusa, na ga yadda ya sunkuya ya daidaita idonsa da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin ya karanta lamba. Na ga yana sakin asid ɗigo-ɗigo da hagu yana kaɗa filas da dama, har ɗigo ɗaya tak ya juya ruwan daga rawaya zuwa ruwan lemo. Wallahi abin ya burge ni. Amma da na waiwaya, na baya ba su ga komai ba sai bayan kallabinmu. Da aka tashi, lambobin da malam ya rubuta a allo muka kwafa gaba ɗayanmu, muka yi lissafi da su. A aji na mutum sittin da huɗu, waɗanda suka taɓa riƙe famfon biret da hannunsu ba su wuce biyar ba.

Ranki ya daɗe, kin fi mu sanin cewa a jarrabawar WAEC da ta NECO akwai takardar firatikal, kuma a ranar kowace yarinya ita kaɗai za ta tsaya da kayanta. Ita za ta ɗauraye biret, ta cika, ta maimaita gwajin har lambobinta su yi kusa da juna. Wannan aikin hannu ne, ba a haddace shi. Mace ba ta iya tuƙa tuwo da kallon tukunyar wata. Yayata ta yi jarrabawarta a wata makarantar, ta ce mini ranar ce ta fara taɓa fifet, hannunta na rawa, ta zuƙo ruwan har ya shiga bakinta. Ruwan kuwa NaOH ne, mai ƙona fata. Tun da ta ba ni labarin nan hankalina bai kwanta ba.

Don haka muna roƙon biret goma sha shida masu cin 50 cm³ tare da sandunan da ake kafa su, da fifet goma sha shida masu cin 25 cm³, kowanne da robar zuƙarsa don kada a sa baki. Muna kuma buƙatar filas mai tsinin wuya guda talatin da biyu, da bika, da mazurari, da kwalaben gwaji kamar ɗari da maratayinsu. Mun zaɓi goma sha shida ne saboda idan aka raba mu huɗu-huɗu, kowace za ta samu nata layin kafin a buga ƙararrawa. A ɓangaren sinadarai, asid ɗinmu na HCl ya kusa ƙarewa, NaOH kuma ya sha iska ya dunƙule saboda murfin ya fashe. Babu Na₂CO₃ ko kaɗan, babu takardar litmos ja da shuɗiya, ruwan da ke nuna sauyin launi ma ya ƙare. Akwai kwalabe huɗu da rubutun jikinsu ya goge. Malam ya hana a taɓa su, muna roƙon a sa wanda ya san aikin ya kawar da su.

Fizis da sauƙi-sauƙi, don rula mai mita ɗaya da ma'aunin nauyi suna nan. Abin da babu shi ne agogon gwaji. Da muka zo gwajin lilo, inda ake rataya ƙwallon ƙarfe a zare a ƙirga kaiwa da komowarsa sau ashirin don a fitar da ƙimar g, wato ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi, da wayar malam muka auna lokaci, rukuni na jiran rukuni. Rabin aji ba su samu yi ba. Muna roƙon agogo goma, da ma'aunin ƙarfin lantarki da na gudunsa biyar-biyar, da batura da wayoyi, da gilashi mai kusurwa uku da allurai na gwajin haske.

A bayoloji kuwa, madubin likita ɗaya ne a makarantar nan, ƙurar hunturu ta shige shi har ya dushe. Mun zana ƙwayar halittar albasa ya fi a ƙirga, duk daga littafi. Ga albasa jibge a Kasuwar 'Yankaba, amma ba mu taɓa ganin abin da ke cikin ɓawonta da idonmu ba. Ko madubi huɗu aka samu, da ƙananan gilasan da ake ɗora abu a kai, da aidin, da tabarau na hannu guda ashirin, za mu gode.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda a ganina ita ya kamata a fara da ita. Tukunyar kashe gobara da ke bayan ƙofa wa'adinta ya wuce. Famfon ɗakin ba ya kawo ruwa, da bokiti muke ɗebowa daga rijiyar burtsatse. Idan asid ya fallatsa wa yarinya a ido, ruwa mai yawa ake so nan take, ba sai an ruga tsakar makaranta ba. Muna roƙon a gyara famfon ko a ajiye mana duro mai famfo, a sa bokitin yashi, da akwatin taimakon gaggawa, da tabaran kare ido.

Mun san halin da ake ciki na tsadar kaya, mun kuma san ba mu kaɗai ne a wuyanki ba. Idan ba za a samu duka a lokaci ɗaya ba, muna roƙon a fara da ruwa da kayan tsaro, sai biret da fifet, sauran su biyo baya kafin mu shiga aji uku. Idan kin ga ya dace, a gabatar da wannan takarda a taron iyaye da malamai na wannan zango, ko a miƙa ta ga tsofaffin ɗalibai. Da yawa a cikinmu burinsu su karanci likitanci ko haɗa magunguna a Jami'ar Bayero, wasu kuma aikin jinya da ungozoma, kuma duk sai da kiredit a darussan nan uku.

Mu kuma daga namu ɓangaren mun yi alkawari za mu buɗe littafin da za a riƙa rubuta duk abin da aka ɗauka da wanda aka mayar. Kowane rukuni zai wanke kayansa ya kife kafin ya fita, kuma za mu ɗinka rigunan yadi mu rufe madubin saboda ƙura. Wadda ta fasa abu da ganganci, mun amince ta biya.

Na haɗo da takardar ƙidayar da muka yi, mai ɗauke da sa hannun malaman kimiyya uku. Idan kin samu sarari, muna roƙon ki leƙo mu ranar Alhamis da ƙarfe goma sha ɗaya, lokacin da muke firatikal, ki gane wa idonki.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara girma.

Ɗalibarki mai biyayya,
Maryam Sani,
Monitar Aji Biyu, Ɓangaren Kimiyya.