Ku zauna da yaran nan kafin su koma makaranta

Assalamu alaikum yayye da ƙanne, baffanni da kawunnai na gidanmu. Maganar su Sadiƙu da Halifa da Abba ƙarami ce ta sa na zauna na rubuto wannan, dukkansu suna tsakanin shekara 11 zuwa 13, kuma biyu daga cikinsu bayan hutun nan makarantar kwana za su tafi. Ina aikin lafiya ina ganin samari suna zuwa a tsorace kan abin da ba ciwo ba ne, don kawai ba wanda ya taɓa gaya masu zai faru. Roƙona ɗaya ne, ku riga abin zuwa, yaro ya ji maganar balaga daga bakinku tun bai fara mafarki ba.

Na san matsalar, kunya ce. Yaya Habibu ko sunan Sadiƙu ba ya faɗa don ɗan fari ne, to ina ga maganar mafarki. Ba komai, ai shi ya sa Allah ya yi kawu da baffa, wanda ba zai iya da nasa ba ya ɗauki ɗan ɗan'uwansa, a yi musaya. Amma don Allah kar a tara su a falo gaban ƙannensu kamar za a yanke hukunci. Ka ce ya raka ka gona ko kasuwa, kuna tafe kuna magana, in ba ido cikin ido ba ne yaro ya fi sakin jiki.

Ga yadda ni zan faɗa wa Halifa, kowa ya gyara da bakinsa.

"Halifa, girma ya fara zuwar maka, kuma akwai abubuwan da za ka gani a jikinka, ina so ka san su tun yanzu don kar su ba ka tsoro. Ni na yi, babanka ya yi, limamin masallacinmu ma ya yi. Ana kiran shi balaga. Ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo zuwa 'ya'yan maraina su fara samar da wani sinadari da ke mai da yaro namiji babba, kuma yawanci abin yana farawa tsakanin shekara 9 zuwa 14, kowa da lokacinsa. Farkon abin da ke canzawa maraina ne, za su ƙara girma, ɗaya ma zai ɗan fi ɗaya sauka ƙasa, lafiya lau ne. Sai gashi ya fito a mara, gabanka ya ƙara girma, daga baya gashin hammata, gashin baki da gemu su ne 'yan ƙarshe. Za ka yi tsawo da sauri, takalmi ya matse ka, wando ya ɗage, ka riƙa jin yunwa kamar ba ka ci ba. In ka ga 'yan matan ajinku sun fi ka tsawo yanzu kar ka damu, su suna riga maza farawa da kamar shekara biyu, za ka kamo su.

"Muryarka za ta buɗe. Maƙogwaro ne ke girma, jijiyoyin murya su ƙara tsawo da kauri, shi ne za ka ga zakaran wuya ya fito. Kafin ta zauna za ta riƙa yi maka wasa, kana cikin karatu a islamiyya ta yi ƙasa ta yi sama ta shaƙe, yara su yi dariya. Ba mura ba ce, ba ta son magani, da kanta za ta daidaita. Kar ka daina karatu da ƙarfi saboda haka.

"Wataƙila kuma ka ji wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin kan nononka, ɗaya ko duka biyun, yana ɗan zafi in riga ta goge shi. Samari da yawa suna yin shi kuma yana bajewa da kansa cikin watanni, wani har shekara biyu. Kar ka matse shi, kar ka bari wani ya ce zai dasa maka wani abu mai zafi a kai."

A nan sai ka ɗan tsaya ka ga ko yana da tambaya. Ba lalle ya yi ba, zai sunkuyar da kai yana wasa da yatsu, amma wallahi yana ji. Sai ka shiga babbar maganar, kuma kar ka yi ta kwana-kwana har yaro ya kasa gane me kake nufi, ka kira abu da sunansa yadda malaman fiƙihu ke yi.

"Wata rana za ka farka ka ga wandonka ya jiƙe da wani ruwa fari mai kauri mai yauƙi. Ba fitsarin kwance ba ne. Maniyyi ne, jikinka ya fara yin shi, wani lokaci yana fita da kansa cikin barci, ko ka tuna ka yi mafarki ko ba ka tuna ba. Shi ake kira ihtilami. Ba ka yi zunubi ba don mai barci an ɗauke masa alƙalami, ba aljana ba ce ta aure ka, ba ciwon sanyi ba ne, kuma ba ya ƙarar da ƙarfin namiji ko ya hana haihuwa nan gaba. Wani yana yi akai-akai, wani jefi-jefi, wani ma bai cika yi ba, duk lafiya ne. Haka kuma gabanka zai riƙa miƙewa ba dalili, musamman da asuba ko ma kana zaune a aji, ka yi zamanka ka mai da hankali kan wani abu zai kwanta.

"Abin da ke kanka in ya faru shi ne wankan janaba kafin ka yi salla. Ka yi niyya, ka wanke hannuwa, ka wanke gabanka da inda abin ya taɓa, ka yi alwala, ka zuba ruwa a kai sau uku kana tsefe gashi da yatsu har ruwa ya kai fata, sannan ka game jiki da ruwa, dama kafin hagu, kana cuɗawa, kar ka manta hammata da cibiya da bayan gwiwa da matsematsi. Wandon ka wanke shi da kanka, in ya taɓa zanin gado ka wanke wurin. In da rana ne cikin azumi ka yi barci abin ya faru, azuminka na nan, wanka kawai za ka yi. Akwai kuma wani ruwa siriri mai yauƙi da ke fitowa in sha'awa ta motsa, maziyyi, shi ba ya wajabta wanka, ka wanke gaba ka sake alwala. Kuma daga ranar da ka yi mafarkin nan ka zama baligi, salla da azumi sun hau kanka."

'Yan'uwa wannan wurin ne ya fi damuna. Ku yi tunanin yaro ɗan shekara 13 lokacin hunturu, ya farka da asuba a wannan hali, ana ta buga ƙofa a tashi salla, shi kuma yana jin kunyar a ji ƙarar bokiti a ce me ya faru. Da yawa alwala kawai suke yi su bi jam'i da janaba, wasu a haka za su yi shekaru, ba don rashin tsoron Allah ba sai don tsoron idon mutanen gida. To ku gaya wa iyayensu mata, in an ga yaro ya ɗora ruwa da asuba ko yana shanya gajeren wando, ba tambaya, ba murmushi, ba "yau kuma wankan me ake da sassafe". Yayyensa ma a ja masu kunne kan tsokana. Kuma wanda har yanzu yake kwana shimfiɗa ɗaya da ƙannensa a raba, tun shekara 10 aka umarce mu da raba masu wurin kwana.

Sai tsafta, ita kam sai an yi ta maimaitawa. Gumin balaga daban yake da na yarinta, ƙwayoyin cuta na fata ne ke cin shi a hammata da matsematsi su ba da wari, kuma mai warin ba ya jin kansa. Ka ce masa wanka da sabulu da soso kullum, lokacin zafi safe da yamma, bayan ƙwallo kuma dole. Gajeren wando da singileti da safa a canza kullum, a shanya su a rana su bushe sosai, don wando mai danshi shi ke kawo ƙaiƙayin matsematsi. Turare a kan gumi ba ya maganin komai, sai an yi wanka tukuna a shafa abin hammata ko alimun. Gashin mara da na hammata da farce kar su wuce kwana 40, ka saya masa rezarsa shi kaɗai ka nuna masa yadda ake yi, ka kuma gargaɗe shi kar ya karɓi aron reza a hostel, ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Ƙurajen fuska a wanke da sabulu marar ƙarfi sau biyu a rana, ban da matsewa, ban da man bilicin da man kanti mai sa fata ta yi laushi ta lalace. Duk wanda zai tafi makarantar kwana a haɗa masa gajerun wanduna ko da guda shida, bokitinsa, tawul ɗinsa.

Akwai abubuwan da su kam asibiti ne, ku gaya wa yaro ya faɗa ko da tsakar dare ne. Ciwo mai tsanani da ya taso farat ɗaya a maraina, wani lokaci har da amai, yana iya zama murɗewar maraina, in ba a yi aiki cikin kamar awa 6 ba ana iya rasa ɗan marainan, kuma kunya ce ke sa yara su yi shiru har lokaci ya wuce. Jini a ƙarshen fitsari, musamman ga masu wanka a kududdufi da rafi, tsargiya ce, ba alamar zama namiji ba ce kamar yadda wasu ke faɗa, kuma tana da magani. Zafin fitsari ko ruwa mai wari shi ma a je. Yaron da ya kai 14 ba alama ko ɗaya, ko wanda ya fara kafin 9, likita ya duba shi. Baffa Sani, Abba mai sikila ne, nasa yana iya jinkiri don haka ka kwantar masa da hankali, amma ka gaya masa in gabansa ya miƙe da ciwo ya ƙi kwanciya ya faɗa nan take, kar a bari ya kai awa 4.

Masu maganin lasifika a bakin kasuwa da ke cewa mafarki ciwo ne a sha jiƙo, ku ce masa kar ya ba su ko sisi. Abin da abokai za su nuna masa a waya ma ku taɓo shi, ku ce sha'awa za ta zo kuma halitta ce, amma hotunan batsa ƙarya suke koyarwa kuma suna kama zuciya. Sannan ku faɗa masa a fili, ba wanda ke da ikon taɓa al'aurarsa ko ya ce ya tuɓe, ko siniya ne ko malami ko ɗan'uwa, in wani ya gwada ya zo ya faɗa, ba za a dake shi ba kuma za a yarda da shi.

Ni na ɗauki Halifa, ranar Asabar zai raka ni gona. Kawu Nasiru ka ɗauki Sadiƙu tunda ya fi sakewa da kai, Baffa Sani kai da Abba in kana so mu zauna tare saboda maganar sikilar sai ka kira ni. Allah ya shirya mana su, ya raya su cikin lafiya.